Kundin aikin cire bangon zanuka: daga latsa ɗaya zuwa yoyon gilashi

4 ga Maris

Aikin da ke gabana shi ne zanukan wani littafin koyar da yara da za a sake fitarwa. Duk zanukan an yi su ne a kan bango mai launi ɗaya, shuɗi mai haske, kuma sabon tsarin shafi yana so kowane zane ya tsaya shi kaɗai, bayansa wayam, domin a iya ɗora shi a kan fari ko a kan launi mai duhu. Fayilolin asali da ke da leya-leya sun ɓata tun tuni. Abin da ya rage kawai shi ne hotunan da aka riga aka haɗe, wasu PNG, wasu JPEG.

Da manhajar gyaran hoto ta GIMP nake aiki. Tsarin kowane hoto iri ɗaya ne: `Layer > Transparency > Add Alpha Channel`, sannan `Fuzzy Select`, a latsa bango, a danna `Delete`, a fitar da shi PNG. Matakin farkon ba na ado ba ne. Idan leya ba ta da alfa, wato ma'aunin shara-sharar kowane fiksel, `Delete` ba ya huda komai, sai dai ya shafe wurin da launin baya da ke akwatin launuka, wanda galibi fari ne. Kuma ko an huda, idan aka mayar da hoton JPEG hujin ya tafi, domin JPEG ba shi da wurin ajiye alfa.

Na fara da na PNG, suka tafi sumul. Na duba bangonsu da `Color Picker`: ja 200, kore 225, shuɗi 245, daga wannan kusurwa har waccan, babu fiksel ɗaya da ya kauce. A irin waɗannan ko `Threshold` na kan 0 bangon zai zaɓu.

6 ga Maris

Na shiga na JPEG, nan fa aka fara jan daga. Zanen da na zaɓa ya zama abin gwaji shi ne na wata mota ruwan ɗorawa, domin duk matsalolin da zan haɗu da su a sauran suna cikinta. Layin gefenta shuɗi ne mai duhu sosai, 20, 30, 60. Tana da kariyar ɗaukar kaya a sama, kuma ana hango bango ta tsakanin ƙarafan. Gilasanta kuwa mai zanen ya ba su 190, 215, 240, wato da ƙyar ido yake raba su da bangon.

Kafin in ci gaba bari in rubuta yadda kayan nan yake tunani, domin duk abin da zai biyo baya daga nan yake. Idan ka latsa, manhajar tana ɗaukar launin fiksel ɗin da ka taɓa ta riƙe shi a matsayin ma'auni. Sai ta dubi maƙwabtansa: wanda launinsa bai yi nisa da ma'aunin fiye da lambar da ka sa ba, ta ɗauke shi, ta kuma dubi nasa maƙwabtan. Wanda ya yi nisa, ta tsaya a nan. Kamar ruwan da aka zuba a daɓe ne, yana bin duk inda ya samu hanya har ya ci karo da abin da ya tare shi.

Tambayoyi biyu ke nan, kuma kowace da maɓallinta. Ta farko: nisan launi nawa za a yafe? Ita ce `Tolerance` a Photoshop da Paint.NET, `Threshold` a GIMP. Ta biyu: dole ne sai akwai hanya daga inda na latsa zuwa fiksel ɗin, ko duk inda launin yake a hoton a ɗauko shi? Ita ce akwatin `Contiguous` a `Magic Wand` da `Magic Eraser` na Photoshop. A Paint.NET ana zaɓar `Contiguous` ko `Global`. GIMP shi raba su ya yi gida biyu: `Fuzzy Select` mai bin hanya, `Select by Color` mai kwasar ko'ina.

Yawancin wahalar da mutane ke sha da wannan kaya, a ganina, ta amsa tambaya ta biyu da maɓallin ta farko ce. Mutum ya ga ramukan kariya ba su goge ba, sai ya yi ta ƙara lamba. To ai babu lambar da za ta kai ruwa cikin ramin da layi ya kewaye, sai wadda ta isa ta cinye layin kansa.

7 ga Maris

Yau awo na yi, ban goge komai ba. Na kashe `Antialiasing` da `Feather edges` a zaɓin kayan domin lissafi ya fito tsaf, na bar `Select by` a kan `Composite`. A wannan yanayin GIMP yana duba bambancin ja, na kore da na shuɗi, ya ɗauki mafi girma a cikinsu, shi yake gwadawa da `Threshold`, a ma'aunin 0 zuwa 255.

Bangon JPEG ɗin a ido lafiyayye ne. Da na kwafi leyar na matse `Colors > Levels` sosai a kan kwafin, sai ga ƙura ta bayyana: nesa da mota kusan babu, amma kewaye da layin gefe akwai dabbare-dabbare masu siffar murabba'i. Ba abin mamaki ba ne. JPEG yana yanka hoto zuwa ƙananan murabba'ai na fiksel 8 sau 8, ya matse kowanne shi kaɗai, kuma duk murabba'in da layi mai kaifi ya ratsa, sai ragowar fiksel ɗinsa su ɗan yi rawa sama da ƙasa. Mafi munin da na samu a cikin ƙurar yana kusa da tayar baya: 186, 215, 238. Bambancinsa da bango 14, 10, 7. Mafi girma 14. Saboda haka duk lambar da ta gaza 14 za ta bar ɗigo-ɗigo a kewayen mota.

Wannan shi ne ƙasan. Sai saman. Don in same shi na yi amfani da wata dabara ta `Fuzzy Select`: idan ka latsa ka riƙe linzami ka ja shi dama ko ƙasa, lambar tana ƙaruwa kana kallo, ka ja hagu ko sama ta ragu. Da `Draw mask` a kunne, wurin da aka zaɓa yana rinewa da launi mai ƙarfi, sai ka ga yana faɗaɗa a gabanka. Na ja a hankali. Ashirin, lafiya. Ashirin da takwas, lafiya. Ana taɓa talatin, gilashin gaba gaba ɗayansa ya rine a lokaci guda.

Na ƙara girman wurin har fiksel suka zama manyan tubala. A kusurwar sama ta gilashin, mai zanen ya sa ɗan walƙiya, ya dusashe layin gefe a tsawon fiksel uku ko huɗu. Mafi duhun abin da ya rage a wurin shi ne 170, 200, 225. Bambanci 30, 25, 20. Wannan siririyar katanga ce kaɗai ta raba bango da gilashi, kuma gilashin kansa nisansa da bango 10 ne kacal. Da zarar lamba ta kai 30 katangar ta faɗi, bayanta kuwa babu abin da zai tsayar da komai.

Tazarar aminci ta wannan hoton ke nan: daga 14 zuwa 29. Na zaɓi 20. Ba tsakiya ba ce daidai, na ɗan karkata ƙasa da gangan, domin ɗigon da ya rage ana ganinsa a goge, amma yoyon da ya cinye ɗan ƙaramin abu a cikin zane yana iya wucewa har wurin bugawa ba wanda ya lura.

8 ga Maris

Ƙaramin abu amma yana da tasiri. GIMP yana zuwa da `Threshold` 15, wanda a lissafin jiya ya isa, tunda ya haura 14. Amma wani lokaci ya share tas, wani lokaci ya bar ɗigo, a hoto ɗaya, lamba ɗaya. Dalilin shi ne inda aka latsa. Ma'aunin ba "launin bango" ba ne, launin fiksel ɗin da linzami ya sauka a kai ne. Idan ya sauka kusa da mota a kan fiksel mai 204, 228, 247, to nisan wancan mugun ɗigon ya tashi daga 14 zuwa 18, katangar gilashi kuma ta koma 34. Tazarar duka ta gusa. Daga yau a kusurwar hoto nake latsawa, nesa da kowane layi, inda ƙura ba ta kai ba.

11 ga Maris

Ramukan kariya. Guda biyar ne, da na shida a tsakanin madubin gefe da jikin mota. Latsa ɗaya a bango ba ta kai gare su, kuma daidai ne kada ta kai.

Abokiyar aikina mai tsara shafuka ta leƙo allon ta ce, "Malam, ba akwai wanda yake kwashe launin gaba ɗaya ba? Ka huta da bin rami ɗai-ɗai mana." Na ce ta tsaya ta gani. Na ɗauki `Select by Color` da lambar nan 20, na latsa kusurwa. Ramuka shida suka zaɓu, gwanin sha'awa. Gilasai ma suka zaɓu duka, har da ɗan hasken fitilar gaba. Ta ce, "To a rage lambar." Nan ne abin yake ƙin yiwuwa: gilashi yana nisan 10, ƙura tana nisan 14. Lambar da za ta tsirar da gilashi sai ta gaza 10, wadda za ta share ƙura sai ta kai 14. Babu lambar da ta cika duka biyun. A wannan hoton launi kaɗai ba ya iya raba bango da gilashi. Abin da ya raba su shi ne wuri, kuma `Contiguous` ne kawai yake ganin wuri.

Sai na koma `Fuzzy Select`, na latsa kusurwa, na riƙe `Shift` na latsa cikin kowane rami. Latsa bakwai. A cikin ƙananan ramuka babu fiksel mai tsabta da za a latsa, ko'ina kusa da layi yake, saboda haka na ƙara girma na zaɓi tsakiyar ramin.

Zanen da ya biyo baya keke ne, shi kuma labarinsa akasin haka. Tsakanin siraran wayoyin tayoyinsa akwai ramuka da yawa, ga na firam, ga na sarƙa, kuma babu wani abu mai shuɗi mai haske a jikinsa ko kaɗan: baƙi, ja, da toka mai duhu. `Select by Color`, latsa ɗaya, an gama. Da na bi shi da `Shift` da har yanzu ina kai.

Don haka kafin in taɓa kowane zane yanzu ina ƙirga abu biyu: ramukan da bango ya maƙale a ciki, da wuraren jikin zanen da launinsu ya kusanci bango. Idan na biyun babu, kwasar ko'ina. Idan akwai kuma ramuka kaɗan ne, bin hanya da `Shift`. Idan duka biyun suna da yawa, kamar wani zanen jirgin ruwa mai igiyoyi da tagogi, sai in kwashe ko'ina, sannan in ɗauki `Free Select` in riƙe `Ctrl` in zagaye tagogin in cire su daga zaɓin. Zagayen ba ya bukatar hannu mai kyau, a kan layin gefe mai kauri ake bi.

Zanukan da ke da rubutu a jikinsu a rukunin keke suke. Cikin a, o, e, d, b duk ramuka ne, kuma su ne aka fi mantawa. Ba a ganinsu sai an ɗora zanen a kan launi mai duhu, kowane harafi ya fito da shuɗin ido.

12 ga Maris

Na ƙara leya biyu a ƙarƙashin kowane zane don dubawa, ɗaya baƙa ɗaya ja mai ƙarfi. Murabba'an toka da GIMP yake nunawa a wurin da aka huda suna ɓoye laifi ƙwarai, musamman ɗigo masu haske. A kan baƙi ragowar bango take fitowa, a kan ja kuma hujin da bai kamata ba.

14 ga Maris

A kan baƙar leyar motar ta fito da wani siririn zare mai haske kewaye da ita, kamar an bi gefenta da alli. Wannan ba ƙurar JPEG ba ce, domin na koma na duba na PNG ɗin da na ce sun tafi sumul, su ma suna da shi.

Asalinsa daga lokacin da aka yi zanen ne. Don kada layi mai lanƙwasa ya fito da haƙora, manhajar zane tana cakuɗa launin layi da na bango a fiksel ɗin bakin gefe, gwargwadon yadda layin ya rufe kowanne. Fiksel ɗin da layi ya rufe rabinsa yana fitowa wajen 110, 128, 153. Wanda ya rufe kashi ɗaya cikin huɗu yana fitowa 155, 176, 199. Wannan na biyun a ido shuɗi ne mai haske, ɗan'uwan bango, amma bambancinsa da bango 45, 49, 46 ne. Lamba 20 ba ta ko kusa da shi. Tsakanin koren bango da koren layi akwai 195, saboda haka 20 tana cin fiksel ɗin da layi ya rufe kusan kashi goma cikin ɗari ne kawai zuwa ƙasa. Duk wanda ya fi haka yana nan daram, da shuɗin bango a cikinsa, kuma yanzu ba bangon da zai saje da shi.

Ga inda lissafin ya cije. Don a cinye wancan fiksel sai lamba ta kai 49. Katangar gilashi tana faɗuwa a 30. Ba za a iya kai wa zaren ba sai an bi ta kan gilashi.

Na gwada hanyoyi uku.

Ta farko, `Select > Grow` da fiksel 1 kafin `Delete`. Tana cire mafi hasken zaren, kuma a zanuka masu layi mai kauri, fiksel biyar ko shida, ba wanda zai gane an taɓa. A keke kuwa ɓarna ce: wayar taya faɗinta bai wuce fiksel biyu ba, an ci ɗaya ta kowane gefe, sai ta tsinke gutsi-gutsi.

Ta biyu, madatsa. Na buɗe sabuwar leya a sama, na ɗauki `Pencil` da baƙi, na ja ɗan layi a kan wurin walƙiyar nan, fiksel kaɗan. Na kunna `Sample merged` domin kayan ya duba abin da ido yake gani, ba leya ɗaya ba. Yanzu katangar ta yi ƙarfi, na ɗaga lamba zuwa 60, gilashi bai motsa ba. Na koma leyar mota na danna `Delete`, na jefar da leyar madatsar. Walƙiyar tana nan yadda mai zane ya bar ta. Wannan dabara ta fi komai yi mini amfani a makon nan: maimakon a nemo lambar da za ta lallaɓa wuri mafi rauni, sai a toshe wurin na ɗan lokaci. Iyakarta ita ce gefen yana fitowa da 'yan haƙora, domin fiksel ko an ɗauke shi ko an bar shi. Mayar da `Antialiasing` yana tausasa shi kaɗan.

Ta uku ita ce ta fi kyau a ido. Bayan an zaɓi bango da 20, a yi `Grow` da fiksel 2, sannan maimakon `Delete` a buɗe `Colors > Color to Alpha` a ba shi launin bango, 200, 225, 245. Shi ba gogewa yake yi ba. Yana ɗaukar kowane fiksel ya zare shuɗin bango daga cikinsa, ya bar ragowar launin da alfa gwargwado. Fiksel ɗin nan na kashi ɗaya cikin huɗu sai ya koma duhu mai shara-shara, wanda zai saje da duk bangon da aka sa masa. Abu biyu ne za a kula. Dole a tsare shi cikin zaɓi, in ba haka ba zai bi duk hoton ya zare shuɗi daga gilasai da duk wani launi mai haske. Sannan ko cikakken layin gefe yana ɗan rage masa ƙarfi, tunda layin ba baƙi wuluk ba ne. Sauke `Opacity threshold` zuwa wajen 0.7 ya mayar da shi cikakke. A wurin walƙiya kuma faɗaɗawar nan ta fiksel biyu tana taɓa bakin gilashi, don haka na cire wurin daga zaɓin da `Ctrl` na gyara shi da `Eraser`.

Ƙurar JPEG ba ta ɓacewa gaba ɗaya a wannan hanyar, tana zama ɗigo masu raunin alfa. Maganin shi ne a fara `Delete` da zaɓin farko, sannan a faɗaɗa a yi `Color to Alpha` a kan zoben da ya rage.

17 ga Maris

Wasu tsofaffin zanuka ƙanana, na alamomi, layinsu fiksel ɗaya ne babu tausasawa. Ɗaya daga ciki, ambulan ɗin wasiƙa da aka zana a karkace, ya yi yoyo a lamba 0, abin da bai kamata ya yiwu ba tunda cikinsa da wajensa layi baƙi ya raba su. Ashe `Diagonal neighbors` a kunne yake. Layin da ya tafi a karkace fiksel ɗinsa ta kusurwa kawai suke taɓa juna. Idan kayan yana duba maƙwabta huɗu, sama, ƙasa, hagu, dama, layin katanga ne. Idan yana duba takwas har da na kusurwa, sai ya sulale ta tsakanin tubala biyu. Na kashe shi, yoyo ya tsaya. Alamar wannan matsalar ita ce rage lamba ba ya canja komai.

19 ga Maris

Zanukan da suka rage suna da yawa, kuma akasarinsu masu sauƙi ne, don haka na koma ImageMagick, manhajar sarrafa hoto da ake ba umarni a rubuce, don a yi su a tare:

```
magick mota.jpg -bordercolor "rgb(200,225,245)" -border 1x1 \
  -alpha set -channel RGBA -fuzz 8% -fill none \
  -floodfill +0+0 "rgb(200,225,245)" -shave 1x1 mota.png
```

`-floodfill` shi ne mai bin hanya. Takwaransa mai kwasar ko'ina shi ne `-transparent`. Bakin fiksel ɗaya da ake ƙarawa da `-border` a cire da `-shave` yana aiki biyu. Idan zane ya taɓa gefen hoto, misali bishiyar da reshenta ya kai sama kuma saiwarta ta kai ƙasa, ta raba bango gida biyu, kuma latsa daga kusurwa ɗaya rabi kawai za ta share. Bakin yana buɗe hanya ta zagaye. Sannan yana tabbatar da cewa wurin farawa launinsa daidai yake da wanda aka rubuta, babu ƙura.

Lambobin fa ba sa ƙaura daga wata manhaja zuwa wata. Photoshop yana zuwa da 32 a ma'aunin 0 zuwa 255, GIMP da 15, Paint.NET da ImageMagick kuma ana ba su kashi cikin ɗari. Ko inda ma'aunin ya yi kama, yadda ake auna nisan ya bambanta. Wani abokin aiki ya gwada `ImageDraw.floodfill` na Pillow, kayan sarrafa hoto na Python, da `thresh=20`, tunda ya ji ina ta ambaton ashirin, ya turo mini mota cike da ɗigo. Pillow tara bambance-bambancen yake yi, ba ɗaukar mafi girma ba. Mugun ɗigon nan a wurinsa 14 da 10 da 7 ne, wato 31. Katangar gilashi 30 da 25 da 20, wato 75. Tazararsa daga 31 zuwa 74 take, kuma 20 tana can ƙasa da ita. Da ya sa 50 ta fito daidai da tawa. A ImageMagick 8% ta share ƙurar motar ba ta fasa gilashi ba, shi ya sa na tsaya a kanta.

Ba na yarda da sakamakon tari ba tare da dubawa ba. Na sa an jera duka a kan ja, ƙanana-ƙanana a shafi ɗaya. Yoyo yana da saurin ganewa a haka: fuska ko taga ko cikin kofi ya koma ja. Waɗanda suka yi yoyo na ware su zuwa hannu, kuma kusan dukkansu irin matsalar mota ce, wurin da mai zane ya dusashe layi don walƙiya ko ya bar shi a buɗe don salo.

21 ga Maris

Saura masu inuwa. A ƙarƙashin wasu zanuka akwai inuwa mai laushi da take dusashewa a hankali har ta narke cikin bango. A nan babu katanga ko kaɗan, gangare ne. Kowace lamba tana yanka inuwar a wani wuri dabam: 20 ta bar babban faifai mai kaifin baki, 60 ta bar ƙarami, amma bakin yana nan da kaifinsa, kuma launinsa shuɗi-shuɗi ne tunda inuwar duhun bango ce. A kan fari yana kama da tabo.

Zaɓi biyu nake gani. Ko a cire inuwar ɗungurungum da madatsa a ƙarƙashin tayoyi da lamba mai girma, mai tsara shafi ta sa sabuwa daga baya, ko a zagaye yankin inuwar a yi masa `Color to Alpha` ya koma duhu mai shara-shara. Na yi motar ta hanyoyi biyun na tura mata, ɗaya a kan fari ɗaya a kan launin bangon babi na uku, domin a kan launi mai duhu inuwa mai shara-shara kusan ɓacewa take yi, kuma ita ce ta san shafuka nawa ne masu duhu. Kafin ta amsa zan ci gaba da waɗanda na ware shekaranjiya, jirgin ruwa ne a gaba.